Madara Mai Tsami da Tashin Kek: Abin da Ke Faruwa a Cikin Kwaɓi

Duk mai yin kek da ta taɓa bin tsarin haɗi na Amurkawa ko na Turawan Ingila ta ci karo da wani kayan haɗi da ba a samu a shagon unguwa, wato batamilk. Ana buƙatarsa a kek ɗin red belbet da ya zama ruwan dare a bukukuwan aure, ana buƙatarsa a kek ɗin cakulan iri-iri, haka kuma a fankek mai kauri na Amurkawa. Idan aka neme shi aka rasa, abin da aka saba yi shi ne a dama madara kawai a zuba, tunda ai duk madara ce.

Daga nan matsala ke farawa. Kek ya fito bai tashi yadda ake so ba, bayansa ya yi duhu tun cikinsa bai gama nuna ba, idan an ci kuma a ji wani ɗanɗano kamar na sabulu a ƙarshen harshe. Sai a ɗora wa obin laifi, ko a ce fulawar ce ta tsufa. Alhali abin da ya ɓace daga kwaɓin bai wuce giram biyu na sinadarin tsami ba, kuma ana iya mayar da shi da abin da ke cikin kowane madafi, muddin an san yawan da ake buƙata da kuma aikin da yake yi.

Mene ne batamilk?

A asalinsa, batamilk ruwan da ya rage ne bayan an kaɗa madarar da ta yi tsami an kwashe man. A gonakin Turai da Amurka, kafin a samu firiji, akan ajiye madara kwana ɗaya ko biyu har kirim ya taru a sama. Cikin wannan lokaci madarar kan yi tsami da kanta. Sai a kaɗa, mai ya dunƙule gefe guda, a bar ruwa mai tsami-tsami wanda ake sha ko a yi burodi da shi.

Wanda ya san rugar Fulani ya riga ya gane wannan bayani. Haka matan Fulani ke kaɗa kindirmo su fitar da man shanu, abin da ya rage kuma shi ne nonon da ake dama fura da shi. Ke nan abin da ake ta nema a manyan kantuna yana da ɗan'uwa na jini a cikin ƙwarya a bakin kasuwa.

Batamilk ɗin da ake sayarwa a kwali a ƙasashen Turawa a yau kuwa ba a kaɗa shi. Madara ce da aka rage wa mai, aka dafa ta don kashe ƙwayoyin cuta, sannan aka zuba mata wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani aka bar ta ta yi tsami. Waɗannan ƙwayoyi suna cin sukarin da ke cikin madara, wanda ake kira laktos, su mayar da shi sinadarin tsami mai suna laktik asid. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara ware wannan sinadari daga madara mai tsami a shekarar 1780, sannan a 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke samar da shi.

Ana auna ƙarfin tsami da ma'aunin pH, wanda lamba 7 ce tsakiyarsa. Duk abin da ya yi ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami. Sabuwar madara tana wajen 6.7, wato kusan tsaka-tsaki take. Batamilk yana wajen 4.5. Wannan lamba ta biyu tana da muhimmanci, domin a daidai 4.6 ne babban furotin ɗin madara, kesin, yake daina yawo a cikin ruwa ya fara harhaɗuwa. Dalilin da ya sa nono da kindirmo da yogot suke da kauri ke nan ba tare da an zuba musu komai ba.

Tsami da soda: inda iskar ke fitowa

Kek yana tashi ne da iska. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samar da wannan iska shi ne bekin soda, farin gari mai ɗan gishiri-gishiri wanda masana ke rubutawa NaHCO₃. Shi kaɗai a cikin ruwan sanyi ba ya yin wani abin kirki. Amma da zarar ya haɗu da tsami, nan take sai ya saki iskar kabon, CO₂, ya bar ruwa da wani ɗan gishiri marar ɗanɗano mai ƙarfi. Tsamin ya kashe kaifin soda, soda ta kashe tsamin, iskar da ta fita kuma ta ɗaga kwaɓi.

Mai suyar waina ta san wannan aiki tun kafin ta ji sunansa. Idan ƙullun shinkafa ya kwana ya yi tsami, takan zuba ɗan ruwan kanwa, sai ƙullun ya yi kumfa, tsamin ya ragu, wainar ta tashi a tanda. Kanwa tana ɗauke da irin sinadarin da ke cikin bekin soda tare da wani ɗan'uwansa mai kaifi. Sai dai ba a sa ta a kek, domin ƙarfinta ya bambanta daga wannan ƙulli zuwa wancan, ga ƙasa da yashi, kek kuwa abu ne na awo.

Haɗin madara mai tsami da soda ya girmi bekin foda. Mutanen Ayalan sun rungumi burodin soda a wajejen shekarun 1830 zuwa 1840, burodin da ba a sa masa yis, fulawa ce kawai da gishiri da soda da batamilk. Bekin foda ya zo ne don ya sauƙaƙa wannan aiki: a 1843 wani mai harhaɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya haɗa soda da busasshen sinadarin tsami da sitaci a cikin gari ɗaya. Wannan shi ne bambancin da ke tsakanin garin biyu har yau. Bekin foda yana tafe da tsaminsa, ruwa da zafi kawai yake jira. Bekin soda kuwa sai an kawo masa tsami daga waje. Saboda haka duk tsarin haɗin da ya ambaci soda da batamilk tare, ya ɗaura ɗaya a kan ɗaya ne, ba a cire guda a bar guda.

Lissafin ba shi da wuya. Kofin awo ɗaya na batamilk, mililita 240, yana ɗauke da tsamin da ya kai kimanin giram 2 na laktik asid. Wannan adadi yana iya cinye kusan giram 2 na soda, wanda ya ɗan gaza rabin ƙaramin cokali kaɗan. Daga nan aka samo ƙa'idar da masu gashi ke bi: rabin ƙaramin cokali na soda ga kowane kofi na batamilk. Iskar da wannan ɗan haɗi ke fitarwa ta kai kusan rabin lita, alhali kwaɓin matsakaicin kek gaba ɗayansa bai fi lita ɗaya da 'yan kai ba.

To idan babu tsami fa? Sodar ba ta zauna haka nan ba. Zafin obin zai farfasa ta, amma rabin iskar da ke cikinta kawai za ta bayar. Abin da ya rage ya zama wani sinadari mai kaifi, irin wanda ake sa wa garin wanki. Shi ne ke kawo ɗanɗanon sabulu, shi ne ke rina cikin kek ya yi rawaya-rawaya, shi ne kuma ke sa baya ya yi duhu da wuri, domin sukari da furotin sun fi saurin yin ja a inda babu tsami. Mai madara zalla ta yi asara biyu ke nan: ta rasa rabin iska, ta kuma ɓata ɗanɗano.

Abin da ke faruwa a cikin obin

Akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: iskar soda ba ta cika ƙirƙirar sababbin ramuka a cikin kwaɓi ba. Ramukan an riga an yi su tun lokacin da aka buga bota da sukari har suka yi fari suka yi laushi. Tsinin ƙwayoyin sukari yana yanka botar ya cusa dubban ƙananan kumfa a cikinta. Iskar da tsami da soda suka samar tana shiga waɗannan kumfa ne ta hura su. Idan ba a buga botar sosai ba, kumfan sun yi kaɗan, sai iskar ta taru a cikin 'yan ƙalilan ɗin, kek ya fito da manyan ramuka nan da can, sauran jikinsa kuma a cushe.

Da kwaɓi ya shiga zafi, bota ta narke, iskar da ke cikin kumfa ta buɗe, wadda ta narke a cikin ruwan kwaɓi ta fito, tururi ma ya ƙara nasa. Kwaɓin ya yi ta hawa. Sai can da zafin cikinsa ya haura digiri 80, ƙwai ya fara daskarewa, sitacin fulawa ya sha ruwa ya kumbura, bangon kowace kumfa ya tsaya da ƙafarsa. Tashin kek tsere ne tsakanin waɗannan abubuwa biyu: iska ta gama aikinta daidai lokacin da jikin ya kama.

A nan tsami ke yin aikinsa na biyu. Kwaɓin da ke da ɗan tsami kaɗan yana kamawa da wuri, ramukansa ƙanana ne kuma daidai wa daida, cikinsa fari ne, ga laushi a baki. Idan tsamin ya yi yawa, kek zai kama tun bai gama hawa ba, ya fito gajere, mai nauyi, bayansa fari fat. Idan kuma soda ce ta rinjaya, kamawar takan yi jinkiri, kumfa su yi ta girma suna haɗewa, kek ya hau da sauri, sannan tsakiyarsa ta lotsa. Abin da ake nema shi ne a tashi kusan kunnen doki, tsami ya cinye soda, soda ta cinye tsami.

Yadda ake haɗa madadin

Hanyar da ta fi shahara ita ce madara da lemon tsami ko farin binega, wanda wasu ke kira ruwan kal. A zuba babban cokali ɗaya, mililita 15, na ruwan lemon tsami da aka tace ko na binega a cikin kofin awo, a cika da madara har layin mililita 240, a juya, a bari minti biyar zuwa goma. Madarar za ta ɗan yi kauri, a ga 'yan gudaji suna yawo. Haka ake so, kuma da gudajin ake zubawa, ba a tacewa.

Tunda madarar gari ce a yawancin gidaje, sai a fara dama ta: babban cokali huɗu a shafe, wato wajen giram 30, a cikin ruwan da zai kai ta kofi ɗaya. Madarar ruwa ta gwangwani marar sukari kuwa ana sirka ta da ruwa daidai yawanta. A tabbata garin ya narke sarai kafin a zuba tsami, domin idan tsami ya riga shi, garin zai dunƙule ya ƙi narkewa. Ruwan kuma kada ya yi zafi. Tsami a cikin madara mai zafi cuku yake yi, ruwa gefe, gudaji gefe. Idan madarar daga firiji take, mai yiwuwa ba za a ga gudaji ba ko an jira. Wannan bai hana ta aiki ba, tsamin yana ciki tun daga lokacin da aka zuba shi, kuma shi soda ke nema.

Sai dai wannan madadi yana da iyaka, kuma an fi samun matsala ne wajen rashin saninta. Binegar girki yawanci kashi 5 cikin 100 ne na tsami, ruwan lemon tsami ma kusan haka. Idan aka lissafa, babban cokali ɗaya yana cinye soda giram 1 da ɗan ɗoriya ne kawai. Ko an haɗa da ɗan tsamin da madara ke da shi na halitta, madadin bai wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfin batamilk na gaske ba. A kek ɗin da sodarsa kaɗan ce kuma akwai bekin foda a ciki, ba a jin bambancin. Amma a wanda ya dogara kacokan a kan soda, gibin yana fitowa a launi da ɗanɗano. Maganinsa a ƙara tsamin ya zama babban cokali ɗaya da rabi a kowane kofi, ko a rage soda kaɗan a cike gurbin da bekin foda.

Iyaka ta biyu ita ce kauri. Madara da lemon tsami ta fi batamilk ruwa-ruwa, don haka kwaɓin kan ɗan saki, kwaɓi mai ruwa kuma ba ya riƙe iska kamar mai kauri. Ba ta kuma da ƙamshin nan na madarar da ta yi tsami da kanta.

Shi ya sa hanya ta biyu ta fi. A samu yogot marar sukari ko kindirmo, a auna kashi uku cikin huɗu na kofi, a cika da ruwa ko madara, a kaɗa har ya yi sumul. Tsamin da ke ciki laktik asid ne, irin na batamilk sak, yawansa ya yi kusa da wanda tsarin haɗin ya yi tsammani, ga kauri ga ƙamshi. Wadda ke da lokaci ma tana iya yin nata: ta dafa madara, ta bar ta ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, ta zuba babban cokali ɗaya ko biyu na kindirmo a kowane kofi, ta rufe ta ajiye a wuri mai ɗumi daga dare zuwa safiya. Yogot mai zaƙi na roba ba shi da tabbas, domin sukarinsa zai ƙaru a kan na kek, wasu kuma da sitaci aka ƙara musu kauri.

Nonon kasuwa yana aiki, har ma shi ya fi kusa da batamilk na asali, amma yana son lura. Tsaminsa ba ɗaya ba ne kullum: na safe daban, wanda ya wuni a rana daban, na bazara ya fi na hunturu saurin kaifi. Wani an sirka shi da ruwa, wani an ƙara masa garin 'ya'yan kuka, wanda shi ma tsami ne da shi. Gwaji mai sauƙi shi ne a ɗebi rabin kofi, a zuba kwatan ƙaramin cokali na soda, a juya, a jira kumfa ta kwanta, sannan a ɗanɗana kaɗan a bakin harshe. Idan tsamin ya tafi kuma babu ɗaci, nonon ya yi daidai da ƙa'ida. Idan har yanzu da tsami sosai, yana buƙatar a sirka shi da madara. Idan ɗanɗanon sabulu ya fito, nonon ya yi rauni, sai a taimaka masa da ɗan lemon tsami.

Madarar da ta lalace kuwa, wadda ta yi wari ko ɗaci ko yauƙi, ba ta cikin wannan lissafi. Wasu ƙwayoyi ne daban suka ci ta, kuma gashi ba ya gyara ta.

Kek ɗaya, daga awo zuwa gashi

Ga misali da kek ɗin banila na gwangwani mai faɗin santimita 20 zuwa 23. Ana buƙatar fulawa giram 250, wato kofi biyu, sukari giram 200, bota giram 115, ƙwai biyu, batamilk ko madadinsa kofi ɗaya, bekin soda rabin ƙaramin cokali, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya, ɗan gishiri da banila. Ƙaramin cokali a nan na awo ne, mililita 5, kuma a shafe ake cika shi. Gwangwanin madara da ake awo da shi a gidaje bai kai kofin awo ba, kusan kashi biyu cikin uku yake ci, don haka wadda ta auna batamilk da shi ta rage tsami ba ta sani ba.

Me ya sa aka haɗa soda da bekin foda a wuri ɗaya? Sodar an auna ta ne daidai tsamin kofi ɗaya, aikinta ta cinye shi ta ba da iska tun da wuri. Bekin foda kuma, musamman irin mai aiki sau biyu, yana riƙe wani ɓangare na iskarsa sai ya ji zafi, don haka shi ke ƙarasa ɗaga kek a cikin obin.

Ana fara kunna obin a digiri 180, ko a ɗora tukunya mai yashi ko duwatsu a wuta ta ɗauki zafi, a shafa wa gwangwani mai. Sannan a haɗa madadin a ajiye. Idan kindirmo ne, mililita 180 da ruwa mililita 60. Idan madara ce da lemon tsami, a sa babban cokali ɗaya da rabi tunda sodar ta kai rabin cokali. A tankaɗe fulawa tare da soda da bekin foda da gishiri, domin ƙullin soda ɗaya da bai watse ba zai bar tabo mai ɗaci a cikin kek. A buga bota da sukari har su yi fari, a sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a riƙa zuba fulawa da madadin bi da bi, a fara da fulawa a ƙare da ita, ana juyawa a hankali. Da zarar garin ya ɓace a tsaya, a juye a gwangwani, a sa a wuta, minti 35 zuwa 40, har tsinke ya fito a bushe.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne zuba soda kai tsaye a cikin kofin madara mai tsami. Kumfar da ke tasowa tana burgewa, amma iskar da ya kamata ta ɗaga kek ce ke tafiya a banza. Soda wurinta cikin fulawa, ta haɗu da tsami sai a cikin kwaɓi. Wasu tsare-tsaren red belbet kan ce a haɗa soda da binega a zuba a ƙarshe, amma ko a nan sharaɗin shi ne a juya nan take a kai wuta.

Jira ma yana cin iska. Kwaɓin soda ya fara aiki tun daga juyin farko, don haka bai kamata ya wuce minti goma zuwa sha biyar a ajiye ba. Wannan ya shafi masu gasa ƙananan kek a gwangwanaye cikin tukunya ɗaya zubi-zubi, inda zubin farko kan tashi da kyau, na ƙarshe ya fito a kwance. Dabarar ita ce a raba haɗin bota da ƙwai gida biyu ko uku, a raba fulawa da madadin haka nan, a riƙa kwaɓa kowane kashi sai lokacin shigarsa ya yi.

Akwai kuma sauye-sauye biyu da ya kamata a riƙe. Idan tsarin haɗi na madara ne da bekin foda, amma ana son a sa kindirmo don laushi, to a kowane kofi a cire ƙaramin cokali biyu na bekin foda a sa rabin ƙaramin cokali na soda a madadinsu. In ba haka ba, tsamin kindirmo zai ƙaru a kan wanda ke cikin bekin foda, kek ya yi tsami ya ƙi hawa. Idan kuma tsarin na batamilk ne, babu kowane irin tsami a gida, sai a juya lissafin: a sa madara zalla, a cire sodar gaba ɗaya, a sa ƙaramin cokali biyu na bekin foda a gurbin kowane rabin cokali. Kek zai tashi, laushinsa da ƙamshinsa ne kawai za su ɗan ragu.

Karanta kek bayan ya fito

Kek yana nuna abin da ya same shi. Baya mai duhu, ciki mai rawaya, manyan ramuka da ɗanɗanon sabulu suna nufin soda ta fi tsami. Baya fari, jiki a cushe da tsami a baki suna nufin tsami ya fi soda. Kek da ya hau sosai sannan ya lotsa a tsakiya yawanci iska ce ta yi masa yawa, ko an buɗe murfi tun jikinsa bai kama ba. Wanda kuma launinsa da ɗanɗanonsa lafiya lau amma ya ƙi tashi, to ko dai kwaɓin ya daɗe a ajiye, ko garin tashin ya mutu.

Na ƙarshen yana da sauƙin tabbatarwa. A zuba ɗan soda a cikin cokalin binega, ko ɗan bekin foda a cikin ruwan zafi. Mai rai zai yi kumfa nan take. Bekin foda ya fi saurin mutuwa, musamman da damina, domin danshin iska kaɗai ya isa ya sa sodarsa da tsaminsa su fara aiki a cikin gwangwani.

A kuma tuna cewa batamilk ba shi kaɗai ke kawo tsami ba. Zuma, da ayaba da ta nuna, da garin cakulan na asali duk suna da nasu, shi ya sa kek ɗin ayaba ko na cakulan kan ɗauki soda fiye da rabin cokali a kofi ba tare da ya yi ɗaci ba. A irin waɗannan ba a taɓa awon sodar, madadin kawai ake kula da ƙarfinsa.

Idan za a jera madadin bisa cancanta, kindirmo ko yogot marar sukari da aka sirka shi ne na ɗaya, domin tsaminsa da kaurinsa sun yi daidai da abin da tsarin haɗin ke nema. Nono mai kyau da aka gwada yana biye da shi. Madara da lemon tsami ko binega ita ce ta uku, ta wadatar a yawancin kek, da sharaɗin a kai tsamin babban cokali ɗaya da rabi a duk inda soda ta kai rabin ƙaramin cokali a kofi.